Injin ban-ruwa da aka rubuta janareta: yadda muka bi takardar kuɗin fito layi-layi

Da daddare takardar ta shigo wayata, hoto uku a jere, ƙarƙashinsu ɗan yayata ya rubuta: "Kawu, don Allah duba mini wannan. Ejan ya ce in biya gobe da safe." Wannan ne karo na farko da ya yi odar kwantena guda da sunansa, kuma jarinsa kusan duka yana cikinta. Kwastam ta kimanta masa kuɗin fito da haraji da suka kai dala 14,568, alhali shi abin da ya ware bai wuce rabin haka da ɗan ɗoriya ba. Na yi shekaru ina aikin fitar da kaya daga hannun kwastam kafin in koma lissafin kuɗi, don haka ya san inda zai kai kukansa.

Na kira shi na ce kada ya biya tukuna. Gyara takarda kafin a biya ya fi neman a dawo da kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba, domin kuɗin da ya riga ya shiga baitulmalin gwamnati ba ya fitowa sai da dogon rubutu da dogon jira. Sannan na ce ya turo mini takardar cinikin da mai kaya ya ba shi, da jerin kayan da ke cikin kwantena, da takardar lodin jirgi, da ta inshora, da shaidar kuɗin da ya tura ta banki, da hoton kayan kansu. Ya ce, "Kawu, ai takardar kwastam ɗin ce matsalar, sauran lafiyarsu ƙalau." Na ce masa takardar kwastam ba ta karantuwa ita kaɗai. A yawancin ƙasashe yanzu ejan ne yake shigar da bayanin kaya a na'ura, na'urar ta ɗauko kason harajin da ke maƙale da lambar da aka ba ta, ta ninka da darajar da aka ba ta, ta fitar da jimla. Da wuya na'ura ta yi kuskuren ninkawa. Abin da aka zuba mata shi take dafawa, saboda haka wanda zai duba takardar dole ya ajiye ta gefe da gefe da takardun da aka kwafo bayanin daga cikinsu.

Kayan iri biyu ne. Injin ban-ruwa mai amfani da fetur guda 400, mai baki inci uku, kowanne dala 90, wato dala 36,000. Sai tiyon roba mai naɗewa, naɗi 200, kowanne dala 20, wato dala 4,000. Ga abin da takardar kwastam ta nuna, kowane layi da lambar kaya, da daraja, da kason haraji, da kuɗin da ya fito. Na mayar da adadin zuwa dala don lissafin ya fito fili, kuma kason harajin na jadawalin da ya shafi wannan kwantena ne, domin kowace ƙasa da nata.

```
1  8502.20   43,200 x 20% = 8,640
2  8413.91    4,800 x  5% =   240
   VAT       56,880 x 10% = 5,688
                           14,568
```

Ido yakan tafi kai tsaye kan jimlar da ke ƙasa, amma ni daga hagu nake farawa, daga lambar kaya, domin ita ce ke jawo kason haraji, kuma ita ce ke faɗin ko kayan na buƙatar wani izini na musamman.

Lambar nan ta fito ne daga tsarin HS, wato tsarin lambobin kaya na ƙasa da ƙasa, wanda Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels take kula da shi. Ya fara aiki a 1988, kuma ƙasashe da yankuna fiye da 200 ne suke amfani da shi. Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina. Biyun farko su ne babi, huɗun farko su ne aji, shidan gaba ɗaya kuma reshe ne a cikin ajin. Abin da ya biyo bayan shida, ko alƙaluma biyu ko huɗu, ƙasa ce ko ƙungiyar ƙasashe take ƙara shi don tsara harajinta. Akan sabunta tsarin lokaci-lokaci, an yi a 2017 an kuma yi a 2022, shi ya sa tsohuwar takardar da wani ya fitar da kaya da ita shekarun baya ba hujja ba ce a yau.

To 8502 aji ne na injinan samar da wutar lantarki, kuma 8502.20 shi ne janareta mai injin da fulogi ke tayarwa, irin na fetur. Ɗan yayata bai sayi janareta ko ɗaya ba. Da na buɗe takardar ciniki sai na ga inda gizo yake saƙar. Mai kayan ya rubuta `GASOLINE ENGINE MACHINE 6.5HP`, wato inji mai fetur mai ƙarfin doki shida da rabi, bai ambaci ruwa ba, bai ambaci famfo ba. Ejan bai taɓa ganin kayan da idonsa ba. Ya ga fetur, ya ga ƙarfin doki, wataƙila ya ga hoton kwali mai inji a cikin firam na ƙarfe da tanki a sama, sai ya ɗauko lambar da hannunsa ya saba da ita. Gaskiya daga nesa injinan biyu sun yi kama. Sai an matso ake ganin bambancin. Janareta yana da kwayil da soket da allon da ke nuna ƙarfin wuta. Wannan kuwa, a hoton da yaron ya turo, gefensa akwai gida na alminiyom mai baki biyu, ɗaya na zuƙo ruwa ɗaya na fitarwa, da murfi a sama inda ake ɗura ruwa kafin a tayar. A jikin farantin da aka manna masa an rubuta yawan ruwan da yake turawa a awa da tsayin da yake iya kai shi. Babu soket ko guda.

Ajin famfunan ruwa da sauran abubuwa masu gudana shi ne 8413, kuma famfon da ke aiki da fanka mai juyawa a cikin gida, irin wannan, yana 8413.70. Yaron ya yi tambaya mai kyau. Ya ce, "Amma Kawu, rabin abin nan injin fetur ne. Idan jami'i ya ce inji ne ba famfo ba fa?" Amsar tana cikin tsarin kansa. Ƙa'idar farko daga cikin ƙa'idoji shida na fassara HS ta ce kalmomin aji da bayanan da ke farkon sashe da babi su ne doka, taken babi kuwa jagora ne kawai. A Sashe na 16, wanda ya ƙunshi babi na 84 da na 85, bayani na uku ya ce idan an haɗa inji biyu ko fiye suka zama abu guda, ana bin wanda yake yin babban aikin. Injin fetur ɗin nan ba shi da wani aiki sai juya fankar famfo. Ruwa ake so, ruwa yake bayarwa. Da injin ya zo shi kaɗai, babu famfo a jikinsa, da sai a nemi ajinsa na 8407. Tunda a haɗe suke a firam ɗaya, famfo ne. A jadawalin da ya shafe mu famfo yana biyan kashi 5 cikin 100, janareta kuma kashi 20. Wannan tazarar ta kashi 15 a kan darajar da aka rubuta ta haura dala 6,000, kafin ma VAT ya hau kanta.

Murna ta kama shi, ya ce shi ke nan a gyara layi na ɗaya. Na ce ya dakata, akwai layi na biyu.

An saka tiyon a 8413.91, reshen sassan famfo, mai kashi 5. Ana iya gane tunanin ejan: tiyo ya zo tare da inji, da shi ake aiki, to sashensa ne. Amma zama tare a gona ko a kwantena ba ya mayar da abu sashen wani abu a wurin kwastam. Tiyon nan naɗi ne mai tsawo, ba a yanka shi daidai wani inji ba, babu mahaɗi a bakinsa, kuma ana iya ɗaura shi a kowane famfo ko tanki. Babi na 39, na roba irin ta filastik, yana da aji na musamman na bututu da tiyo, 3917, kuma bayanin babin ya ambaci irin mai kwantawa ya baje idan babu ruwa a ciki. Na sa ya tambayi mai kayan yadda aka ƙera shi, aka turo hoton yanki: filastik ciki da waje, da zare a nutse a tsakani don ƙarfi. Wanda aka ƙarfafa haka yana faɗawa 3917.39. Na yi wannan tambaya ne domin da roba ce irin ta taya da sai 4009, da kuma saƙaƙƙen yadi ne irin tiyon 'yan kwana-kwana da sai a duba 5909. Abu uku ne masu aiki ɗaya, abin da aka yi su da shi ne ya raba su. Hujjar cewa inji da tiyo saiti ɗaya ne ma ba za ta tsaya ba, tunda inji 400 ne tiyo 200, kowanne da kwalinsa da farashinsa.

A jadawalin, 3917.39 kashi 20 ne. Wato a wannan layin kuskuren ejan ya rage wa yaron haraji ne. Idan aka gyara, zai biya ƙarin kusan dala 700.

Ya yi shiru a waya, sannan ya ce, "Kawu, to mu bar wannan mana. Ai ba mu muka rubuta ba." Na fahimci abin da ke ransa, jari ƙarami ne kuma kowace dala tana da wurin zuwa. Amma na gaya masa ba zan sa hannuna a haka ba, kuma ban ba shi shawarar ya yi ba. Sunansa ne a kan takardar a matsayin mai shigo da kaya, abin da ejan ya rubuta a madadinsa ya rubuta. Mun riga mun san lambar ba daidai ba ce, kuma wanda ya sani ya yi shiru ya tashi daga mai kuskure ya koma mai ɓoyewa. Ban da haka, za mu roƙi a buɗe kwantena don a tabbatar famfo ne. Jami'in da zai buɗe kwalin inji zai ga naɗin tiyo a gabansa. Idan shi ya gano, magana ta zama ta tara, kuma duk abin da muka faɗa a kan layi na ɗaya zai fara kallonsa da shakka. Ko da an fita lafiya a ranar, kwastam tana da ikon bin takardu bayan an saki kaya, har shekaru, ta nemi cikon kuɗi lokacin da an daɗe da sayar da tiyon a kan farashin da bai ƙunshi wannan haraji ba. Ya ce ya ji. Ban ce ya ji daɗi ba, amma ya yarda.

Daga lamba sai daraja. Layi na ɗaya 43,200, na biyu 4,800, jimla 48,000. Kayan kansu 40,000 ne. Daga ina 8,000 ta fito?

Ƙa'idar kimanta daraja a ƙasashen da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tana cikin yarjejeniyar da ta fara aiki tare da ƙungiyar a 1995. Tushenta shi ne farashin da aka biya da gaske, ko za a biya, na kayan da aka sayar don fitarwa zuwa ƙasar da za su shiga, sannan a ƙara wasu abubuwa da aka lissafa a sashe na 8. Kuɗin jirgi da na lodi da inshora an bar wa kowace ƙasa ta zaɓa ko za ta haɗa su. Amurka da Kanada da Ostareliya ba sa haɗa kuɗin jirgin da ya tsallako da kaya. Tarayyar Turai da mafi yawan sauran ƙasashe suna haɗawa, kuma ƙasar da wannan kwantena ta sauka tana cikinsu. Saboda haka darajar da ta dace ita ce kaya da jirgi da inshora har zuwa tashar sauka, abin da ake rubutawa CIF.

Takardar ciniki ta nuna komai dalla-dalla: kaya 40,000, jirgi 3,600, inshora 400, jimla 44,000, kuma a gefen jimlar an rubuta CIF da sunan tashar sauka. Ma'ana mai kayan ne ya biya jirgi da inshora ya saka su cikin kuɗin da ya karɓa. Da na duba takardar kwastam, a gidan sharaɗin ciniki, wanda a fom ɗin da ƙasashe da yawa ke amfani da shi yake lamba 20, sai na ga FOB. FOB yana nufin farashin ya tsaya ne a kan an ɗora kaya a jirgi a tashar tashi, jirgi da inshora na mai saye ne. Ejan ya ɗauki 44,000 ya rubuta a gida na 22, gidan jimlar kuɗin ciniki, a matsayin FOB, na'ura ta nemi kuɗin jirgi da inshora, ya sake shigar da 3,600 da 400. Kuɗin jirgi ya shiga sau biyu. Wannan kuskure na gan shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma gane shi ba wuya: ka cire jimlar takardar ciniki daga darajar kwastam, idan abin da ya rage ya yi daidai da jirgi da inshora, sai ka koma ka ga ko farashin ya riga ya ƙunshe su. Akwai shaida ta biyu a takardar lodin jirgi, inda aka buga `FREIGHT PREPAID`, wato an biya kuɗin jirgi tun daga can.

Dala 4,000 da aka ƙara ba ita yaron zai biya ba, harajin da ke kanta zai biya. Idan aka lissafa da kason da ya dace, da VAT ɗinsa, ya kama dala 686. Bai kai na lamba ba, amma kuɗi ne da babu dalilin bayar da shi.

Akwai wani abu a nan da mutane ba su cika lura da shi ba. Kuɗin jirgi guda ɗaya ne na kwantena duka, amma layuka biyu ne masu kaso daban, don haka yadda aka raba shi yana taɓa haraji. A wannan takarda an raba ne bisa daraja: inji kashi 90 na kuɗin kaya, ya ɗauki kashi 90 na jirgi da inshora, wato 3,600, tiyo ya ɗauki 400. Shi ya ba da 39,600 da 4,400. Akwai inda ake rabawa bisa nauyi, kuma da an yi haka adadin zai ɗan motsa. Abin dubawa shi ne hanya ɗaya aka bi a duk layukan, kuma idan an tara su sun koma daidai jimlar.

Da na zo kan takardun banki sai na ga abin da yaron bai faɗa mini ba, don bai ɗauke shi komai ba. Ya tura kuɗi sau biyu: 44,000 ga kamfanin da ya ƙera kayan, da 800 ga wani mutum daban a can ƙasar. Na ce wannan fa? Ya ce la'adar wanda ya nemo masa masana'antar ce, shi ya je ya duba kayan kafin a loda. Na tsaya a kan wannan sosai, domin yarjejeniyar ta raba la'ada gida biyu. Idan dillalin mai sayarwa ne, yana nemo masa kasuwa, kuma mai saye ne ya biya shi, ana ƙara kuɗin a kan daraja. Idan wakilin mai saye ne, wanda yake wakiltarsa a waje wajen sayen kayan, ba a ƙarawa. Sunan da mutum ya kira kansa ba ya yanke hukunci, aikinsa ne ke yankewa. Na tambaye shi wa ya nemo mutumin, wa yake ba shi umarni, ko yana karɓar wani abu daga masana'antar, ko shi ne ya sayi kayan ya sake sayar masa. Amsoshin duka sun nuna wakilinsa ne, kuma Allah ya sa akwai 'yar takardar yarjejeniya da suka yi tun kafin ciniki. Don haka 800 ba ta shiga ba. Amma na ce a haɗa takardar cikin fayil, domin jami'in da ya ga an tura 44,800 kuma aka bayyana 44,000 yana da haƙƙin tambaya, kuma gara amsa ta riga tambayar isa.

Ya kamata in faɗi cewa a wannan lamari kwastam ba ta ɗaga darajar kayan da kanta ba, kuskuren shigarwa ne. Da ta ce ba ta yarda da dala 90 ba, da hanya ta bambanta. Tana da ikon neman ƙarin hujja, kuma idan ba ta gamsu ba ta bar farashin ciniki ta bi sauran hanyoyi biyar a jere, farawa da darajar kaya iri ɗaya sak da aka shigo da su a kusan lokacin, sai masu kama da su, har zuwa ƙarshe. Yarjejeniyar ta hana ƙagaggen farashi da farashin da aka kafa a matsayin mafi ƙanƙanta, ta ba mai shigo da kaya damar neman bayani a rubuce kan yadda aka kimanta, da damar ɗaukaka ƙara, da damar karɓar kayansa bisa jingina yayin da ake jayayya.

Sauran gidajen na bi su da sauri. Na raba darajar da ke kuɗin ƙasa da darajar dala, abin da ya fito ya yi daidai da farashin canjin da hukuma ta wallafa na wancan lokacin, ba na kasuwa ba, don haka gida na 23, na farashin canji, lafiya. Kuɗin da aka zaɓa dala ne, ba a rikita shi da wani ba. Yawan kwalaye da nauyi sun dace da takardar lodi. Ƙasar da aka ƙera kayan daidai take, kuma babu wata yarjejeniyar rangwame da ta shafe ta.

Sai gida na 47, inda ake lissafin haraji. A nan abin da ake dubawa a kowane layi uku ne: a kan me aka ɗora, kashi nawa, nawa ya fito. Yaron ya ɗauka VAT kashi 10 ne na kuɗin kaya, shi ya sa kasafinsa ya gaza tun farko ko da babu kuskure. A yawancin ƙasashe VAT na shigo da kaya yana hawa ne a kan darajar kwastam haɗe da kuɗin fito, wani wurin har da wasu ƙananan kuɗaɗe. Shi ya sa 56,880 ta bayyana: 48,000 ce da 8,880. Wannan ke sa duk kuskuren da aka yi a sama ya biya kansa sau biyu a ƙasa. Na ɗauki biro da takarda na sake lissafin daga farko, na turo masa:

```
1  8413.70   39,600 x  5% = 1,980
2  3917.39    4,400 x 20% =   880
   VAT       46,860 x 10% = 4,686
                            7,546
```

Tazarar dala 7,022 ce, bayan an cire ƙarin da tiyo ya jawo.

Washegari ya je wurin ejan. Na ce masa ya je da ladabi kuma da takarda a hannu, kada ya je da faɗa, domin ejan ne zai shigar da buƙatar gyara kuma da shi za a ƙarasa aikin. Mutumin ya fara da cewa na'ura ce ta fitar, ba yadda za a yi. Da aka ajiye masa takardar ciniki kusa da gida na 20 sai ya yi shiru ya ɗauki waya. Wasiƙar da muka rubuta shafi ɗaya ce. Ta faɗi gyara uku, kowanne da abin da aka rubuta, da abin da ya kamata, da dalili a layi biyu, kuma na tiyo muka sa a farko. Muka haɗa da littafin bayanin injin, da hotuna, da sabuwar takardar ciniki da mai kayan ya gyara kwatancen ya rubuta sunan famfon da girman bakinsa, muka bar tsohuwar a ciki don kada a ce an sauya takarda a ɓoye.

Lissafina ra'ayi ne mai hujja, hukunci na kwastam ne, kuma na gaya wa yaron haka tun farko. Na kuma sa ya lissafa kuɗin ajiya da na jinkirin kwantena na kowace rana, domin akwai lokacin da gyaran dala ɗari biyu zai ci kwana goma na ajiya, ya zama gara a biya tare da rubuta ƙin yarda a bi haƙƙi daga baya, inda doka ta ba da wannan dama. A nan tazarar ta isa a jira. An buɗe kwantena a rana ta huɗu. Jami'in ya sa aka fito da kwali uku daga wurare daban, ya zura yatsa a bakin zuƙo ruwa, ya juya injin yana neman soket, ya karanta farantin. Ya sa aka yanko ɗan guntun tiyo ya duba bakinsa a haske. A rana ta shida sabuwar takarda ta fito da 7,546, ba a ci tara ba. Kuɗin ajiyar kwanakin ya ɗan rage ribar gyaran, amma kaɗan ne a kan abin da aka tsirar.

Bayan wata biyu ya sake kira. Masu sayen injinan sun fara neman kayan gyara, yana so ya yi odar fulogi da boris da sil da fankar cikin famfo, kuma mai kayan ya ce zai rubuta su duka a layi ɗaya a matsayin sassan famfo. Na ce kada ya yarda. Bayani na biyu na Sashe na 16 ya ce sashen da yake da ajin kansa a babi na 84 ko 85 can yake tafiya, ko da don wane inji aka yi shi. Fulogi yana 8511.10, boris mai ƙwallaye yana 8482.10, sil na inji yana 8484.20, fankar ce kaɗai take 8413.91. Na ce ya sa a rubuta kowanne a layinsa da farashinsa, ya turo wa ejan hotuna tun kafin jirgi ya taso. Idan kuma akwai wanda ake shakka a kansa, yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a 2017 ta tanadi a nemi hukuncin kwastam a rubuce kan lambar kaya kafin su iso. Ya ce zai turo mini jerin in duba. Da ya turo, na ga ya riga ya rubuta lamba da biro a gefen kowane abu, uku daidai, ɗaya kuma ya sa wa sil lambar roba, muka zauna a waya muna duba ko zoben roba ne zalla ko kuwa mai sifirin da fuska biyu masu gogar juna.